Yadda muka yi fama da "very" goma sha biyu a insha'in wata ɗalibata ta SS2

Ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata, kuma duk wanda ya taɓa zama da tarin littattafan insha'i da jan biro a hannu ya san kalmar da za ta fara gundurarsa, "very" ce. Ga irin shawarar da ake ta yawo da ita a waya, wani jeri mai layi biyu, gefe ɗaya an rubuta "very tired" ɗaya gefen "exhausted", "very big" a ce "huge", haka dai har ƙasa, wai yaro ya haddace ya daina amfani da "very" gaba ɗaya. Abun da nake so in kawo muku shi ne yadda wannan jerin ya yi da insha'in yarinya guda ɗaya a ajina, da yadda muka bi muka gyara, don ni a ganina shawarar tana da gaskiya a cikinta amma yadda ake ba da ita tana janyo wa yara asarar maki.

Aikin da na bayar labari ne, tafiyar da ba za ki manta ba, irin tambayar da ake yawan samu a jarrabawa. Ita wannan yarinyar ba ta cikin na baya a ajin, rubutunta tsaf yake, tana sanya aya inda ya kamata, ba ta cika ɓata harafi ba. Ta rubuta tafiyar da suka yi daga Kano zuwa ƙauyen kakarta kusa da Daura lokacin bazara. Ga sakin layi na biyu kamar yadda ta kawo shi:

"The day was very hot and the bus was very old. We waited at the motor park for a very long time. I was very hungry and very tired. The driver was very angry with the conductor. My brother was very interested in the cows on the road. The village is not very far from Daura. My grandmother was very happy to see us. She is a very old woman. She gave us very hot tea and the food was very sweet."

Ku ƙirga da kanku, goma sha biyu ne a cikin jimla tara. Amma fa ku lura da wani abu, babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki, babu harafin da ta ɓata. Damuwar ita ce komai ya zo daidai wa daida, zafin rana da zafin shayi da fushin direba da murnar kaka duk ma'auni ɗaya aka yi musu, mai karatu ba zai san wanne ne ya fi damunta a tafiyar ba. Na zagaye su duka da jan biro na rubuta mata a gefe cewa sun yi yawa, ta rage, za mu zauna a kai ranar darasi na gaba.

Kafin ranar ta zo yayanta ya riga ya nuna mata wancan jerin a wayarsa, ta kwafe shi tas a bayan littafinta, ta zauna ta musanya ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo mini tana murna, ta ce Malam na cire su saura guda ɗaya. Ga abun da na gani:

"The day was scalding and the bus was ancient. We waited at the motor park for a lengthy time. I was very starving and exausted. The driver was furious with the conductor. My brother was fascinated in the cows on the road. The village is not remote from Daura. My grandmother was ecstatic to see us. She is a ancient woman. She gave us scorching tea and the food was sugary."

Wallahi na tausaya mata, don ta yi aiki, kuma wanda bai san Turanci sosai ba in ya duba zai ce ai wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, ga manyan kalmomi. To bari mu auna shi da ma'aunin da za a auna ta da shi shekara mai zuwa. A jarrabawar Turanci ta WAEC insha'i maki 50 ne, ana son kalmomi kamar 450. Ana raba makin gida huɗu, 10 na abun da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na yadda ka sarrafa harshe wato zaɓen kalmomi da ginin jimla, sai 10 na tsaftar rubutu, kuma a wannan na ƙarshen duk kuskure ɗaya na nahawu ko harafi ko alamar rubutu ana cire rabin maki har goman ta ƙare. Ka ga ke nan masu cewa a cire "very" suna hangen waccan 20 ɗin ce, kuma suna da hujja, ita ce kaso mafi tsoka. Sai dai ga yarinyar nan, a rubutun farko ba ta da abun cirewa a gidan tsafta, a na biyu kuma ga "exausted" da ta yar da h, ga "a ancient" maimakon "an", ga "fascinated in" maimakon "by". Maki ɗaya da rabi ya tafi a sakin layi guda tun ba a zo kan "very starving" ba, kuma waccan 20 ɗin da aka yi domin ta ba ta ƙaru ba saboda yawancin kalmomin sun sauka inda ba wurinsu ba.

Da na kira ta sai ban fara da Turanci ba. Na ce mata ke, in madara ta yi fari ƙwarai me kike cewa? Ta ce fari fat. Gawayi fa? Baƙi ƙirin. Ganye? Kore shar. Na ce to ki ce mini baƙi fat. Ta yi dariya ta ce haba Malam ai ba a faɗin haka. Na ce don me, ba duka ƙarfafawa suke yi ba? Ta ce kowanne da abokin tafiyarsa. Nan ne fa gaba ɗaya maganar take. Wannan da malaman Hausa ke kira amsa-kama, irin su fat da ƙirin da wur da shar da tukuf da dal, kowane Bahaushe ya san ba a ɗaukar ɗaya a liƙa wa ɗan'uwansa, sabo dal ne, tsoho tukuf ne, ba a musanya su. "Sosai" ce take shiga ko'ina, kamar yadda "very" take shiga ko'ina, shi ya sa suke da sauƙi shi ya sa kuma ba su da kaifi. Ƙaƙƙarfar sifar Turanci halinta irin na amsa-kama ne, tana zaɓen abun da za ta zauna da shi. Jerin waya kuwa yana nuna wa yaro kamar lissafi ne, wannan daidai yake da wancan a ko'ina, kuma ba haka ba ne.

Mu ɗauki zafi tunda shi ta yi amfani da shi sau biyu kuma ta juya su. "Scalding" zafin ruwa ne ko shayi ko kunu, wanda in ya zuba maka zai sale fata. "Scorching" zafin rana ne ko wuta, mai ƙona abu ya babbake shi. Akwai "sweltering" kuma, wannan zafin da ake ji a cikin ɗaki ko mota cike da mutane ana ta gumi babu iska. Ita ta ba rana na shayi ta ba shayi na rana. Da na bayyana mata sai ta ce to Malam ai a jerin duka biyun an rubuta su gaban "very hot". Gaskiyarta, haka aka rubuta, ba a faɗa mata wanne na wane ba.

Na kakar ya fi ba ni tsoro don mai duba takarda zai iya ɗauka rashin ladabi ne. "Ancient" ana faɗinsa ga abun da ya yi ɗaruruwan shekaru, ganuwar Kano, rijiyar Kusugu da ke can Daurar da ta je, marinar Ƙofar Mata. In Bature ya ce wa mutum ko mota "ancient" to zolaya yake yi. Ga mota zai wuce in labarin na raha ne, amma abun da take nufi akwala ce mai kwaramniya, kuma kalmar da ta fi kama wannan ita ce "rickety". Ga tsohuwa kuwa na san wasu za su ce a sa "elderly", amma ita wannan ladabi take ƙarawa ba shekaru ba, dattijuwa ce ba tsohuwa tukuf ba. Don haka a nan na ce mata ki mayar da "very old" ɗinki, babu kalma ɗaya da ta fi ta a wannan gurbin a matakinki. Ta yi mamaki, don ta ɗauka kalmar haramun ce yanzu.

Shi kuma "sugary" ba ma laifin "very" ba ne, ciwon yana can ƙasa. Na tambaye ta me kakar ta ba ku? Ta ce tuwon dawa da miyar kuka. To ina sukari a nan? Mu a Hausa mun raba zaƙi da daɗi, amma Turancin da yara ke ji a titi yana amfani da "sweet" a wurin daɗi, har nama a ce "sweet". Muddin "very sweet" na nan a lulluɓe kuskuren bai fito ba sosai, da ta ƙarfafa shi sai ya fito fili, tuwo ya koma alewa. Wannan yana faruwa da yawa, in sifar farko ba daidai take ba to ƙaƙƙarfar da za a ɗora a kanta sai ta fi ta ɓaci. Kalmar da take nema "delicious" ce, kuma ta santa tun firamare.

"Very starving" kuma ni a fahimtata daga Hausa ya taso, kuma yana da kyau malami ya gane dalilin maimakon ya ja layi kawai. Mu in za mu ƙarfafa ba ma jefar da sifar, ƙara mata muke yi, fari yana nan sai fat ya biyo baya. Turanci a nan cire duka biyun yake yi ya kawo sabuwa guda. Yaron da ya saba da ƙari sai ya ji jimlar kamar ba ta cika ba, sai ya bar "very" ɗin a gaba don ta ƙara nauyi. Ƙa'idar ita ce sifofin Turanci iri biyu ne. Akwai masu hawa-hawa, kamar "hungry" da "tired" da "cold", ana iya jin su kaɗan ana iya jin su da yawa, su ne ke karɓar "very". Akwai waɗanda suka riga suka kai ƙarshe, "starving", "exhausted", "freezing", "enormous", ƙarfin yana cikinsu, ba sa karɓar "very", in dole sai an ƙara musu to "absolutely" ko "completely" ake sa wa, kuma ga ɗalibi gara ya bar su haka nan. Gwajin da na koya musu mai sauƙi ne, ki sa "a little" a gaban kalmar ki ji. "A little tired" ya zauna. "A little enormous" bai zauna ba, yaya abu zai zama ƙato ɗan kaɗan. Duk wadda ta ƙi "a little" to kar ki ba ta "very".

Sauran biyun da sauri. Sabuwar sifa takan zo da nata ƙaramin kalma a baya, "interested" da "in" take tafiya, "fascinated" da "by", kuma in ta fara da wasali "a" sai ya koma "an", don haka duk musanya sai an sake karanta jimlar daga farko har ƙarshe. Sannan duk "very" da "not" ya riga ta a bar ta. "Not very far" sassautawa ce, ba nisa can ba, in ka ce "not remote" ka faɗi wani abu daban wanda ba wanda ke faɗa.

Bayan mun gama wannan sai na ga ba ita kaɗai ba ce, jerin ya riga ya zaga ajin, na gan shi a bayan littattafai da dama da rubutun hannu daban-daban. Don haka na mayar da shi darasin kowa. Na ce kowacce ta buɗe insha'inta na farko ta zagaye duk "very" da fensir, kar ta goge komai tukuna. Sai kowace ɗaya a yi mata tambaya. Ta farko, in na cire ta na bar sifar ita kaɗai, akwai abun da ya ragu? Yawanci babu. "She gave us hot tea" ya isa, ba wanda zai ce shayin bai yi zafi ba. Mafi yawan waɗanda aka zagaye a nan suke mutuwa, kuma wannan gyaran ba ya janyo kuskure ko ɗaya, shi ya sa nake sa shi a gaba. In kuwa an cire an ji lallai ƙarfin ya tafi, sai tambaya ta biyu, wane irin zafi, wane irin girma, wace irin gajiya? A nan nake barin su su amsa da Hausa tukuna, don da Hausa suna da kalmomin. Wata ta ce gonar babanta "very big", na ce wane irin girma, ta ce faɗi Malam, ba ka hango ƙarshenta. To wannan "vast" ce. Wata ta ce buhun "very big", na tambaya ta ce ƙato ne mai nauyi, wannan "huge" ko "massive". Da "vast" aka sa wa buhu da an yi ɓarna. Sai an san abun da ake nufi sannan a nemo kalmar.

Daga nan sai ƙamus, kuma ba don a duba ma'ana kawai ba. Muna da kwafin Oxford Advanced Learner's Dictionary kaɗan a makarantar, sai na raba su rukuni-rukuni. Amfanin irin wannan ƙamus na masu koyo shi ne jimlolin misali da ke ƙarƙashin kowace kalma. Dokar da na kafa ita ce ba ki da izinin sa sabuwar kalma a insha'i sai kin karanta misalanta kin ga da me aka haɗa ta, kin ga ƙaramar kalmar da ke bin ta, sannan kin rubuta harufanta sau uku ba tare da kallo ba. Na ƙarshen nan kar a raina shi. Kalmomin nan kusan duk suna da tarko, h ɗin "exhausted" da ba a furtawa, "ci" ɗin "delicious" da "ancient", "ou" ɗin "enormous" da "furious". Na faɗa musu ƙarara, a ɗakin jarrabawa in kina shakkar harufan "exhausted" ki rubuta "very tired" ki wuce, wannan ba a cire miki komai, waccan in kin ɓata rabin maki ne.

Akwai kuma hanya ta uku da na fi so duk da ba musanya kalma ba ce. Wani lokaci abun da ya dace ya maye gurbin "very" ba sifa ba ce, bayani ne. "A very long time" da ta mayar "a lengthy time", na ce mata ƙarfe nawa kuka isa tasha, ta ce takwas na safe, yaushe motar ta tashi, ta ce sai da aka kusa azahar. Na ce to rubuta haka. Mai karatu da kansa zai ji tsawon jiran fiye da duk wata sifa da za ki nemo.

Ga yadda sakin layin ya tsaya a ƙarshe, da hannunta, ni tambayoyi kawai na yi:

"The sun was scorching and the bus was rickety. We waited at the motor park from eight o'clock until past noon, and by then I was hungry and exhausted. The driver was furious with the conductor. My brother was fascinated by the cows on the road. The village is not very far from Daura. My grandmother was delighted to see us. She is very old and walks with a stick. She gave us hot tea and a delicious meal."

Cikin goma sha biyun nan, biyu sun zauna, biyu an goge su kawai aka bar "hungry" da "hot", ɗaya ta koma bayanin lokaci, bakwai aka musanya. Bakwai ma ni a ganina sun ɗan yi yawa a sakin layi ɗaya, na bari ne don muna cikin koyo. In kowace jimla tana ihu babu wadda za a ji, kamar miyar da aka zuba wa yaji a kowane ludayi. Ku duba "hungry and exhausted", da ta ce "starving and exhausted" da sun danne juna, da ta bar ɗaya a sassauce sai gajiyar ta fito, kuma da na tambaye ta ta ce dama gajiyar ce ta fi damunta don sun ci ƙosai a tasha. "Ecstatic" kuma muka sauke zuwa "delighted", don waccan murna ce ta fita hayyaci, kakar kuwa ta yi lale marhabin ne ta shimfiɗa tabarma.

Wannan ya kawo ni kan abun da ba a cika faɗa ba, maganar gaskiya. Ƙaƙƙarfar sifa da'awa ce. In yarinya ta rubuta cewa safiyar hunturu a Kano "freezing" ce, a hira zai wuce, amma asalin kalmar sanyin da ke daskarar da ruwa ne, kuma a insha'in bayani ko rahoto "bitterly cold" ko ma "very cold" ya fi gaskiya. Haka "destitute" da jerin ya ajiye gaban "very poor", ma'anarta wanda ba shi da komai ko na ci ko wurin kwana, wata ta sa wa maƙwabcinsu da ke da gida da akuyoyi. "Skinny" da "slender" da "emaciated" duk suna gaban "very thin", amma ta farko kusan zagi ce, ta biyu yabo ce, ta uku ramar ciwo ko yunwa ce. Yarinya ta so yabon ƙawarta ta rubuta "emaciated", ba don ba ta da hankali ba, don jerin bai gaya mata wannan ba.

Sannan nau'in insha'in ma yana da ta cewa. Abun da ya yi kyau a labari ba lallai ya yi kyau a wasiƙar hukuma ba. Mako na gaba na ba su wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan lalacewar hanya, sai ga "awful" da "horrible" da "terrible" sun cika takardu. Waɗannan na hira ne da wasiƙar aboki. A wasiƙar hukuma "deplorable" ta fi zama, "impassable" kuma sai in da gaske mota ba ta iya bi, misali da damina. Kuma "I would be very grateful" da ake rufe irin wannan wasiƙa da ita daidai take, kar a taɓa ta. Haka "thank you very much", haka "the very first day" da "at that very moment" inda kalmar ke nufin ainihin wannan ba wani ba. Na samu wadda ta goge waɗannan ma saboda tsoro.

Abokiyar aikina da ke ɗaukar ɗaya ajin ba ta yarda da ni gaba ɗaya ba, kuma maganarta abar dubawa ce. Ta ce Malam, yaran da ba su gama rarrabe "is" da "was" ba kake ɗora wa "scorching"? Na yarda da ita rabi. Ga 'yan bayan aji, waɗanda makinsu na tsafta ke ƙarewa tun a shafin farko, tambayar farko kawai nake ba su, cire ki gani in wani abu ya ragu, shi ke nan, sai kalmomi kaɗan da suka riga suka sani irin "huge" da "tiny" da "delicious". Wannan aikin na musanya na wanda jimlarsa ta riga ta miƙe ne, kamar wannan yarinyar. Inda muka rabu da Malama shi ne ita tana ganin a bar shi sai SS3, ni kuma ina ganin SS3 lokacin ya ƙure, kalmar da aka haddace wata biyu kafin jarrabawa ita ce ke fitowa a karkace. Ina son su riƙe kaɗan tun yanzu, su gan su a karatu, su yi ta amfani da su har su zama nasu. Shi ya sa muka buɗe shafi a bayan littafi, ba jeri mai layi biyu ba, kowace kalma da cikakkiyar jimlar da aka tsince ta a ciki, daga littafin adabi ko jarida ko ƙamus.

Yadda nake gane ko kalma ta zama ta yaro ko aro ce, ina duba ta a insha'in da aka rubuta a aji ba a gida ba, babu jeri babu waya. A gwajin ƙarshen zango yarinyar nan ta yi amfani da "exhausted" da h ɗinta, ta yi amfani da "furious", ta bar "very" a wurare uku da duk sun dace, "rickety" kuwa ba ta sake fitowa ba, wato ba ta kama ba tukuna, kuma ban damu ba.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo a ajin wadda ban gama da ita ba. Da yaran suka ji ana sa ido kan "very", wasu sai suka koma "so" da "too" da "extremely", ana dai canza riga ne. "Extremely" aƙalla ba kuskure ba ce. "Too" ce matsala, don ba ƙarfafawa take yi ba, wuce kima take nufi har abu ya hana wani abu, "the tea was too hot to drink". Na samu "my grandmother is too kind" da "the bride was too beautiful" a takardu da yawa, suna nufin yabo, mai dubawa kuma zai ja musu layi. Ita na sa a farkon tsarin darasin zango mai zuwa, da jimloli irin na shayin nan da za su cike da kansu, sannan mu koma kan "so" da "that" da ke bin ta.